Dala Dubu Huɗu Kowace Shekara

Da Baba ya rasu, abin da ya bari a Fagam bai taka kara ya karya ba: gonaki uku, shanu goma sha ɗaya, da wani fili a bakin titin Birnin Kudu da ya saya tun muna yara. Mu huɗu ya bari. Akwai yayanmu, wanda muke kira Yaya Babba, mai sayen riɗi a kasuwannin Gwaram yana kaiwa Kano. Sai ni, shugaban wata makarantar firamare a Birnin Kudu. Sai ƙanwata da ke aure a Basirka, sai kuma Auta, wadda a lokacin ta gama sakandare da sakamakon da ba a taɓa kawo irinsa gidanmu ba.

Kowa ya san burin Baba a kan Auta. So yake ta zama likita. Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga jami'a, sau biyu tana cin maki mai kyau, amma gurbin likitanci bai samu ba. Wani abokin aikina da ɗansa ke karatu a Masar ya nuna mini yadda ake nema, muka nema, aka ɗauke ta. Takardar ta zo da Larabci da Turanci. Karatun shekara biyar ne, kuɗin makaranta dala dubu huɗu kowace shekara. Ba a karɓar naira, ba a ma karɓar kuɗin ƙasar tasu daga hannun baƙon ɗalibi. Dala kawai.

Bayan an raba gado, muka zauna a zauren Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda ke da makarantar Islamiyya a Gwaram. Kowa ya ajiye wani abu daga rabonsa. An sayar da filin Birnin Kudu, da gona ɗaya, da shanu bakwai. Auta ta sa nata rabon gaba ɗaya. Da aka haɗa, naira miliyan goma sha biyu ne. Ban taɓa ganin kuɗi irin wannan a wuri ɗaya ba. Baffa ya ce a damƙa mini, tunda ni ne ɗan boko, ni na san banki.

A wancan lokaci dala farashi biyu gare ta. A banki, idan kuɗin makaranta za ka biya a ƙasar waje, sai ka cike fom, ka kai takardar makarantar, su cire naira a asusunka su tura dala kai tsaye, a kan naira ɗari huɗu da 'yan kai. A wajen 'yan canji kuwa ta kusa ɗari bakwai.

Yaya Babba ya ce, "Hedimasta, ni a ganina a kai kuɗin nan Kano gobe a mayar da su dala gaba ɗaya. Makarantar nan dala take bin mu, ba naira ba."

Na ciro biro na yi masa lissafi a bayan wata ambulan. Idan muka saya a kasuwa, dala dubu goma sha bakwai za mu samu, shekara huɗu ke nan da ɗan ragi, ta biyar babu, balle abinci da haya. Idan kuwa muka bi ta banki, shekara biyar ɗin duka ba za su kai miliyan tara ba, sauran ya ishe ta zama. Na ce, "Yaya, wa zai sayi abu ɗari bakwai alhali ga shi ɗari huɗu?"

Ya ce, "Ɗari huɗun nan na bana ne. Wa ya yi maka alkawarin na baɗi?"

"Gwamnati ce ta sa farashin."

"Gwamnati ce kuma za ta cire. Ni dai shekara goma sha biyar ina sayen riɗi. Masu fita da shi waje da dala suke sayarwa, kuma tun da nake ban taɓa ganin shekarar da naira ta fi ta bara ƙarfi ba. To, ko rabi ne a canja."

Na kawo maganar ɓarayi, na kawo ta jabun kuɗi. Ya ce ai banki na buɗe asusun dala. Na ce wahala gare shi. Gaskiyar magana ita ce lissafina ya yi mini kyau a ido, kuma ba na son a ce wanda bai gama firamare ba ya fi ni gane harkar banki. Baffa ya saurare mu duka, ya ce shi abin da ya sani biyu ne. Kada a sa kuɗin marayu inda za su haifi ruwa, kuma idan za a yi canji a yi shi hannu da hannu. Sauran ya bar wa masu ilimin zamani. Inna, mahaifiyarmu, daga bakin ƙofa ta ce, "A bar wa Malam, shi ya yi karatu." Malam ɗin ni ne. Yaya Babba ya ɗauki hularsa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Haka kuɗin suka zauna a asusu, naira tsantsa, ba ruwa ba riba.

Shekarar farko ta ba ni gaskiya. Na sha zirga-zirga, wata uku ina zuwa banki ana cewa ba a saki dala ba tukuna, amma daga ƙarshe suka tura, a kan ƙasa da miliyan biyu. Jirgi da biza da haya da kwamfuta suka ci miliyan ɗaya da ɗan wani abu. Saura miliyan tara. Ranar da saƙon ya shigo wayata, sai da na hau babur har Gwaram na nuna wa Yaya Babba. Ya karanta, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Madalla."

Auta ta kama karatu da gaske. Duk Juma'a bayan la'asar takan kira Inna a wayata, ta ba ta labarin gawar da suke feɗewa, Inna tana salati tana cewa ta daina faɗa. Ta ci duk darussanta. Matan unguwarmu a Fagam tun a lokacin suka fara cewa "likitarmu."

Ana cikin damina ta gaba, sabuwar gwamnati ta ce ta daina riƙe farashin dala, kasuwa ce za ta yanke. A ofis na ji a rediyo, ina duba rajistar ɗalibai. Ban ma gane nauyin maganar ba sai da na je banki. Ma'aikacin da ya saba karɓar fom ɗina, wani mutum mai fara'a, ya juyo mini da kwamfutarsa.

"Malam, ka ga farashin yau. Ya haura ɗari bakwai da hamsin."

"To na 'yan makaranta fa?"

"Babu na 'yan makaranta yanzu. Farashi ɗaya ne. Kuma ko a hakan, akwai waɗanda suka cike fom tun bara ba a tura musu ba. In kana da wa'adi, kada ka dogara da mu."

Na cike fom ɗin duk da haka, na jira. Makaranta ta sa ranar rufe rajista. Kafin ranar ta zo, dala a kasuwa ta kai naira dubu. Na shiga motar Kano da sassafe, na sayi dala dubu huɗu a kan miliyan huɗu cif, aka tura. Ɗan canjin da na saya a wurinsa dattijo ne, yana zaune a kan benci da 'yar na'urar lissafi. Na tambaye shi ko zai yarda mu tsayar da farashi yau, in zo baɗi in karɓa a kan hakan. Ya yi dariya har yana riƙe gemu.

"Alhaji, ni ban san farashin la'asar ba. In kana so, kawo kuɗinka yanzu ka tafi da dalarka. Ka ajiye ta, baɗi tana nan yadda take."

A asusu a ranar akwai miliyan biyar. Da na bi maganarsa, da na tafi da dala dubu biyar, wato shekara ta uku har da ragi. Amma na tsaya a gefen titi ina tunani. Dubu ɗaya! Ai wannan hauka ne, ba zai ɗore ba. Kowa a motar da muka dawo haka yake faɗa, har da direba. Wani mai babbar riga ya ce yana da labari daga sama, kafin ƙarshen shekara za ta dawo ɗari shida. Na dawo Birnin Kudu da nairata.

Haya da abinci na wannan shekara suka ci miliyan ɗaya. Saura huɗu.

Bayan 'yan watanni dala ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar. Akwai makon da ta doshi dubu biyu. Na koma mutumin da ba ya fara karin kumallo sai ya duba farashi a waya. A taron malamai ina zaune ana maganar jarrabawa, ni kuwa ina raba miliyan huɗu da lambar ranar a gefen takarda. Kuɗin suna nan, ko kwabo bai ɓata ba, duk wata banki na turo mini saƙo da adadinsu daidai. Amma jiya su ne dala dubu uku, yau dubu biyu da ɗari shida. Ban san yadda zan bayyana wa Inna cewa ba a taɓa kuɗi ba amma sun ragu ba, don haka ban gaya mata ba.

Auta ce ta fara tambayata. Ta ce, "Yaya Malam, a nan ma kuɗinsu ya faɗi, shi ya sa ba sa wasa da maganar dala. Abokaina biyu 'yan Najeriya sun tattara sun tafi. Mu muna lafiya dai ko?"

Na ce, "Ke dai ki yi karatunki. Kuɗinki na nan."

Wajen ƙaramar salla sai ga dala ta fara saukowa. Dubu ɗaya da ɗari huɗu, ɗari uku, ɗari biyu. Ta kai har wajen dubu ɗaya da ɗari ɗaya da hamsin. Yaya Babba ya baro Gwaram takanas ya same ni a makaranta, lokacin hutun tara, yara na ta guje-guje a fili. Ko zama bai yi ba.

"Nawa ya rage?"

Na faɗa masa.

"A farashin yau nawa ke nan?"

"Kusan dubu uku da ɗari biyar."

"Tashi mu tafi Kano. Cikon ɗari biyar ɗin ni zan yi."

Na ce masa ya duba yadda take saukowa kullum. Mako biyu kawai, za ta dawo ƙasa da dubu, mu sayi dubu huɗu cif ba tare da ya taɓa jarinsa ba. Rajista kuma sai bayan damina, babu gaggawa.

Ya dube ni. Ya ce, "Kai so kake ka ci riba a kan dala. Mu ba 'yan canji ba ne. Yarinya muke so ta gama makaranta."

Na ji zafin maganar, na ce ai ni aka damƙa wa amanar. Ya ce haka ne, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ba ta kai dubu ba. Cikin wata guda ta juya, ta koma dubu ɗaya da ɗari biyar, ta ci gaba da hawa. Na yi ta jira ta sake saukowa ko da sau ɗaya ne. Lokacin da rajistar shekara ta uku ta zo, tana kan dubu ɗaya da ɗari shida da hamsin. Dala dubu huɗu ta zama naira miliyan shida da dubu ɗari shida. Ni kuwa huɗu gare ni.

Dole na je Fagam. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na zauna a kan tabarma na faɗa mata komai. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "An sace ne?"

"Ba a sace ba, Inna."

"Ka ci ne?"

"Wallahi ban taɓa ko sisi ba."

"To ina suka tafi?"

Na fara bayani a kan farashi, na ga ba ta bi na. Sai na ce mata, kamar ki ajiye kuɗin buhun gero goma ne, ki dawo ki tarar buhu uku za su saya. Ta gyaɗa kai, don wannan ta san shi, ta gan shi a kasuwa a shekarar. Ta ce, "Da geron ka saya ka ajiye." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, can ta ce a sayar da shanunta biyu.

Shanun Inna suka tafi. Yaya Babba ya sayar da riɗin da ya ɓoye yana jiran tsada. Ƙanwata ta Basirka ta aiko da kuɗin 'yan kunnenta na zinari, mijinta bai ma sani ba sai daga baya. Ni na sayar da babur ɗina. Aka cike, aka tura, saura kwana biyu a rufe. A ranar ne na rufe littafin da nake rubuta shige da ficen kuɗin, don babu sauran abin rubutawa. Miliyan goma sha biyun da na ce za su yi shekara biyar da ragi ba su kai ƙarshen biyan ta uku ba.

A wannan shekara haya da abincin Auta daga albashina da aljihun Yaya Babba suka fito. Ta koma ɗaki ɗaya da wasu 'yan mata uku. Daga baya na ji cewa sau ɗaya take cin abinci a yawancin ranaku. Duk da haka ta ci jarrabawarta, ta fara shiga asibiti tana bin manyan likitoci zagayen marasa lafiya. Ta turo hoto da farar riga, Inna ta sa aka wanke mata shi.

Shekara guda muka yi muna neman kuɗin ta huɗu. Na rubuta takardun neman tallafi, na kai ofisoshin gwamnati, na zauna a benci. Inda aka amsa mini, cewa aka yi ɗaliban da su suka tura da kansu ma kuɗinsu ya gagara, saboda kasafin da naira aka yi shi. Na je gidajen masu hali biyu. Ɗaya ya ba ni naira dubu ɗari, na yi godiya, a hanya na lissafa na ga ba ta kai dala saba'in ba. Baffa ya yi magana a masallaci, aka tara abin da aka tara. Sauran gonaki biyu kuwa, a cikinsu gidaje uku ke ci. Na kawo maganar sayar da ɗaya, Yaya Babba ya ce, "Ko an sayar, rabin shekara za ta biya. Sai kuma ta biyar. Sannan mu ci me?" Wannan karon ban yi masa gardama ba.

Makaranta ta yarda Auta ta dakatar da karatu na shekara ɗaya. Izinin zamanta a ƙasar kuma da rajista yake tafiya, don haka dole ta dawo. Ni na je Kano na tarbo ta. Ta rame ƙwarai. A mota daga Kano har Birnin Kudu ba mu yi maganar kuɗi ba, sai da muka kusa gida na ce mata, "Auta, laifina ne. Sau uku ana ce mini in canja kuɗin nan ina ƙi."

Ta ce, "Na sani, Yaya Malam. Yaya Babba bai faɗa mini ba, ni na lissafa da kaina." Ta juya tana kallon gonaki. "Da ka gaya mini tun a shekara ta biyu, da na dawo na sake jarrabawa a nan. Da yanzu na yi nisa."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Duk lissafin da na yi ta yi, ban sa shekarunta a ciki ba.

Mun nemi a mayar da ita wata jami'a a nan gida. Inda suka saurare mu, sun ce gurbin likitanci ƙidayayye ne, kuma ko ya samu sai ta koma baya da shekara ɗaya ko biyu. Har yanzu bai samu ba.

Abin da muke tarawa yanzu, duk wata nake kai shi a mayar da shi dala in zuba a asusun dala, wanda na buɗe cikin kwana uku, wanda a da na ce wahala gare shi. An tara dala ɗari tara. Kwanakin baya farashi ya ɗan sauko ƙasa da yadda na saya, na ce wa Yaya Babba ga shi yanzu kuma mun yi asara. Ya ce, "Ɗari taranka ta koma ɗari takwas ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To makaranta ita za ta ƙirga." Saura dubu uku da ɗari ɗaya, kuma wata huɗu ya rage a cikin shekarar da aka ba ta. Na san ba za a samu ba. Shi ma ya sani. Muna dai tarawa ne saboda babu wanda zai iya fara cewa a daina.

Auta a gidana take zaune. Ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kudu, tana koyar da ilimin halittu, ana ba ta naira dubu talatin a wata. Ba ta cika zuwa Fagam ba, don da ta sauka mata ke taruwa da yaransu da katin asibiti, ita kuma sai ta yi ta ce musu ba ta gama ba, ba ta da ikon rubuta magani. Ba sa yarda, suna ganin rowa take yi.

A makon jiya wata ƙawarta da suke aji ɗaya ta kira ta daga can, suna hira a tsakar gida ina jin su daga ɗaki. Ƙawar tana ba ta labarin sun shiga ɓangaren haihuwa, ta karɓi jariri na farko da hannunta. Auta ta yi ta tambayarta, yaya aka yi, wace allura aka ba uwar, jinin ya tsaya da wuri? Muryarta ta tashi yadda na daɗe ban ji ba. Can suka yi sallama. Sai ta leƙo ta tambaye ni ko ina da jan biro, tana da takardun yara arba'in da za ta duba kafin gobe. Na ba ta.